Tambayoyi da amsoshi kan tsarin gyaran aiki ga ma'aikacin da aikinshi ya ja baya

Tambayoyin nan masu kamfani da shugabannin sarbis da ma'aikata su kansu ke yi mani, a Tawa da Yamai, kuma kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tattara su wuri guda. Misali ɗaya zan riƙe tun daga farko har ƙarshe don kar lissafi ya ruɗe: wani kamfanin sari a Tawa mai saida shinkafa, mai, sukari da sabulu ga ƴan kasuwan Ƙonni, Madawa, Illela da Abalak, da ma'aikacinsu mai rubuta faktir, wato takardar kuɗin kaya, wanda ya shekara 2 yana aiki amma kuskure ya yi mashi yawa. Alƙaluman na misali ne, kowa ya sa nashi.

Wai minene tsarin gyaran aiki, ba takardar gargaɗi ba ce aka canza wa suna?

A'a. Takardar gargaɗi hukunci ce kan abin da ya riga ya wuce, ka yi laifi kaza ranar kaza an ja maka kunne shikenan. Tsarin gyaran aiki kuwa gaba yake kallo, yarjejeniya ce a rubuce mai abu huɗu: inda aikin yake yau da adadi, inda ake so ya kai da adadi, abin da kamfani ya ɗauki alkawarin yi don ya taimaka, sai ranakun da za a zauna a duba. In ɗaya ya ɓace daga cikin huɗun nan takardar ba ta cika ba, kuma wanda aka fi mantawa da shi shi ne na ukun, wato nauyin da ke kan mai gida, a nan ne nake fara dubawa duk sanda aka miƙo mani irin takardar nan.

Yaushe ake yin shi, yaushe kuma ba wurinshi ba ne?

Ana yin shi ga mutumin da yake zuwa aiki, yana ƙoƙari, amma aikin ba ya kaiwa inda ake so, kuma an riga an yi mashi magana ta baki ba sau ɗaya ba abin bai canza ba. Wanda ya ɗebi kuɗin kes ko ya zagi kiliya ko ya ƙi zuwa aiki da gangan, wannan maganar ladabtarwa ce, hanyarta daban tana cikin dokar cikin gida ta kamfani. Wanda kuma rashin lafiya ta kwantar da aikinshi, ko mace mai ciki da jikinta ya yi nauyi, don Allah kar a ɗora masu wannan takarda, likita suke buƙata da sassaucin aiki, kuma dokar aiki ta kare su. Haka sabon ɗauka da yake cikin lokacin gwaji, shi gwajin ma ai dubawa ce.

Shef ya ce "kuskurenshi ya yi yawa", to wannan bai isa a fara ba?

Bai isa ba sam, nan ne ma aikin yake. "Ya yi yawa" ji ne na zuciya, wata rana faktir guda da aka ɓata wa babban Alhaji har ya kira darakta a waya yana faɗa ita ce ke sa a ga kamar kullum haka yaron yake. Kafin a rubuta ko layi ɗaya sai a koma a ƙirga, a ɗauko faktir na wata 3 da suka wuce duka ba zaɓe ba.

A misalinmu an ƙirga an samu faktir 900, wato kusan 300 a wata, guda 72 a ciki sai da aka soke aka sake rubutawa. In ka raba 72 da 900 ka ninka da 100 ka samu kashi 8 cikin ɗari. Sannan aka ƙirga na abokiyar aikinshi da ke irin aikin nan a ɗaya magazan, nata kusan kashi 2 ne. To yanzu an san da gaske akwai tazara, ba tsana ba ce.

Amma kar a tsaya nan, a zauna a ware guda 72 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya a ga wane irin kuskure ne, aikin yini guda ne kawai kuma shi ke nuna inda ciwon yake. Da aka ware sai ga 40 duk tsohon farashi ne ya sa, saboda farashin buhu in ya canza darakta saƙon murya yake turawa a WhatsApp wani lokaci da dare, wani ya ji wani bai ji ba. Guda 20 kuma duk ranar Lahadi suka faru, ranar da kasuwar Tawa ke ci, motoci sun yi layi ƙofar magaza kowa na cewa a sallame shi kuma shi kaɗai ne a kan tebur. Saura 12 su ne nashi na kanshi tsantsa, ya rubuta katon a wurin dozin, ko ya sa kayan wani a sunan wani. Kun ga fiye da rabin matsalar daga yadda kamfani ke tafiyar da aiki take fitowa, da an kore shi an kawo wani, sabon ma cikin ramin nan zai faɗa. Abokiyar aikin nashi kuwa da aka bincika ofishinta yana jikin na darakta, farashi na canzawa take ji.

Buri nawa za a sa, kuma yaya ake rubuta su?

Biyu ko uku, kar su wuce haka. Na sha ganin takarda mai buri goma sha, wallahi ko gwanin ma'aikaci ba zai iya riƙe su a kai ba balle wanda dama yana tangal-tangal. Kowane buri sai ya zamana wani can daban da bai san ku ba zai iya ɗaukar rajista ya ƙirga ya samu amsar da kuka samu. In sai an tambayi ra'ayin shef kafin a san an cika ko ba a cika ba, to burin bai rubutu ba.

Ga wannan ma'aikacin biyu aka sa. Na farko, faktir da ake sokewa saboda kuskure su sauko daga kashi 8 zuwa kashi 6 a ƙarshen wata na farko, kashi 4 a na biyu, kashi 3 a na uku, wato in faktir 300 ne kar su wuce 18, sai 12, sai 9. An rubuta ƙarara cewa kuskure shi ne farashi ko adadi ko sunan kiliya da bai dace da takardar oda ba, kuma mai lissafin kamfani ne zai ƙirga daga rajistar sokewa, ba shef ba. In kiliya ne ya canza ra'ayi bayan an rubuta, ya ce a rage buhu biyar, wannan ba ya shiga lissafi. Na biyu, lissafin rufe kes na kullum ya isa teburin mai lissafi kafin ƙarfe 6 na yamma, a yanzu yana makara kwana 10 cikin kwana 22 na aiki, ana so zuwa wata na uku kar ya wuce kwana 2.

Ku lura ba a ce ya sauko kashi 2 irin na abokiyar aikinshi ba, kuma ba a ce sifiri ba. Abin da ake nema ya kai matsayin da aiki zai tafi lafiya, ba ya zama zakaran kamfani cikin wata 3 ba. Hawa-hawa kuma aka yi don a gane da wuri ko ana tafiya ko an tsaya.

Mi ya sa ba a sa mashi burin karɓo bashin da ƴan kasuwa suka riƙe ba, tunda shi ke bin su?

Don biyan ba a hannunshi yake ba. Ɗan kasuwan Madawa in albasa ba ta yi kuɗi ba bana, ko ka kira shi sau ɗari ba zai biya ba sai ya samu. Abin da ke hannun ma'aikaci shi ne ya kira cikin kwana 7 bayan wa'adi ya wuce, ya rubuta rana da amsar da aka ba shi, wannan ana iya sa shi buri in ana so. Haka maganganu irin su "ya ƙara himma", "ya gyara halinshi", "ya nuna kishin kamfani", duk a cire su, ba mai iya auna su kuma ranar rigima ba su tsaya wa kowa.

Wane irin taimako ne kamfani zai rubuta? Ba cewa "muna tare da kai" ya wadatar ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a tsaya a kanta. Taimako shi ma sai ya zama da sunan wanda zai yi da rana da yawa, daidai yadda aka ɗaure ma'aikaci da adadi haka za a ɗaure kamfani. Kuma taimakon daga warewar kuskuren nan yake fitowa, ba daga son rai ba.

Tunda 40 daga tsohon farashi suke, darakta ya ɗauki nauyin duk Litinin kafin ƙarfe 8 na safe takardar farashi bugaggiya da sa hannunshi tana kan teburin mai faktir, in farashi ya canza tsakiyar sati sai an kawo sabuwa a rubuce sannan ya fara aiki, saƙon murya ba ya cikin lissafi. Tunda 20 na ranar kasuwa ne, an ce duk Lahadi daga safe zuwa azahar mutum na biyu zai zauna yana karɓar oda yana jera ta, shi kuma yana rubutawa kawai. Na 12 ɗin nan nashi kuma, abokiyar aikinshi za ta zauna da shi awa ɗaya sau biyu a sati cikin wata na farko, ta nuna mashi yadda take karanta faktir da baki ga direba ko yaron shago kafin ta buga hatimi, abu ne na minti ɗaya amma yana kama katon da dozin tun ba su fita ƙofa ba. Kuma awannin nan cikin lokacin aiki ne ba bayan an tashi ba, ita ma a rage mata wani aikin don kar taimakon ya zame mata hukunci.

Makarar lissafin kes kuwa da aka tambaye shi sai ya ce in wuta ta ɗauke ordinater ɗin mutuwa yake abin da ya shigar ya tafi ya sake daga farko, to an rubuta za a sayo batirin riƙe wuta kafin 10 ga wata. In kuma abin da ya rasa ilimi ne, misali bai iya manhajar lissafin da kyau ba, a tura shi horo, kamfani na iya tuntuɓar FAFPA, asusun da ke tallafa wa koyon sana'a da horon ma'aikata a Nijar, ya ji ko akwai hanyar da za su shigo.

Sai a ƙara layi ɗaya a ƙasa wanda ni a ganina shi ne ke nuna gaskiyar niyya: duk satin da kamfani bai cika nashi alkawari ba, kuskuren da ya fito daga nan ba a lissafa shi kan ma'aikaci. Mai gidan da ya ƙi yarda da wannan layin, ya tambayi kanshi mi yake nema da takardar.

Wata nawa ya kamata, kuma yaushe ake zama?

Ya danganta da yadda aikin ke juyawa. Mai faktir kullum yana rubuta goma sha, cikin wata guda an samu adadin da za a auna, don haka wata 3 ya isa. Wanda aikinshi rahoto ne na bayan wata uku-uku irin na ƙungiyoyin agaji a Yamai, wata guda ba zai nuna komai ba, sai an ba shi lokacin da zai zagaya aikin ko sau biyu. Sati biyu kuwa ga kowane irin aiki ya yi kaɗan, ba wanda ke canza hannu a sati biyu.

Ranakun tun ranar farko ake rubuta su da lamba, ba "za mu dinga dubawa lokaci-lokaci" ba. A misalinmu an fara 1 ga Satumba, ƙaramin zama na minti 20 duk bayan sati biyu, manyan zama uku kuma 1 ga Oktoba, 3 ga Nuwamba, na ƙarshe 1 ga Disamba. A duba kalanda kafin a yanke, kar tsakiyar tsarin ya faɗa sati biyun ƙarshe na azumi ko jajibirin layya da oda ke ninkawa kowa a gajiye, ko Afrilu da Mayu da zafi ke sa wuta yawan ɗaukewa, in ba makawa sai lokacin to a sassauta adadin. In ya tafi konje ko ya kwanta ciwo da takardar likita, agogo ya tsaya, a ɗaga ranakun daidai kwanakin da ya yi.

Yaya zan fara mashi maganar ba tare da ya ji an wulaƙanta shi ba?

A buro, ƙofa a rufe, ba gaban direbobi da masu dako ba, kuma ba ranar da ranka yake ɓace ba. A sanar da shi tun jiya abin da za a tattauna don ya zo da shiri. Ka ajiye faktir ɗin a gabanshi ya gani da idonshi, ka ce mashi kamar haka: "Malam, mun ƙirga na wata uku, ga abin da muka samu, 72 cikin 900, mun kuma ga da yawa daga wajenmu suke, ina so ka faɗa mani mi ke hana ka aiki." Daga nan ka yi shiru ka saurara.

A nan sai an yi haƙuri, don yawanci amsar farko ita ce "ba komai ranka ya daɗe, in sha Allah zan gyara", kunya da girmamawa ba za su bar shi ya ce wa uban gidanshi saƙonka na dare ne ke ruɗa ni ba. Kar ka karɓi wannan amsar ka rufe zama. Ka ɗauki faktir guda ka ce wannan ta ranar kaza yaya aka yi, daga ina ka ɗauki farashin, a kan takarda guda ɗaya mutum ya fi iya buɗe baki. Maganar batirin nan ma haka ta fito. Kuma ka zo da takardar a matsayin daftari, ka bar mashi kwana biyu ko uku ya karanta ya kawo gyara, burin da mutum ya sa baki a ciki ya fi riƙe shi.

Ni ma'aikaci ne, an ba ni takardar an ce in sa hannu. In sa?

Ɗan uwa kar ka sa a tsaye, kuma kar ka yi fushi ka ƙi karɓa. Ka roƙi kwana biyu, ka karanta, ka nuna wa wakilin ma'aikata in akwai a wurinku ko ɗan sandikarku. Ka duba abu uku: adadin da aka ce kana kai yanzu gaskiya ne kuma an nuna maka inda aka samo shi, burin akwai wani a kamfanin da yake kai shi da irin kayan aikinka, sannan an rubuta abin da su za su yi da rana. In akwai abin da ba ka yarda da shi ba ka rubuta da hannunka saman sa hannun cewa ka karɓa ranar kaza amma ba ka amince da sashe kaza ba saboda kaza, ka karɓi kofinka ka adana a gida ba a durowar buro ba. In faransancin takardar ya yi maka nauyi ka ce a fassara maka da Hausa ko Zabarmanci gaban shaida, ba abin kunya ba ne. Daga ranar kuma ka buɗe ɗan littafinka kana rubuta naka lissafin, ranar da takardar farashi ta zo da ranar da ba ta zo ba.

Mi ake yi a zaman dubawa?

Ana fara da alkawarin kamfani, sannan a zo kan na ma'aikaci, a haka nake ba da shawara don shef ya san shi ma ana duba shi. Ga yadda zaman 1 ga Oktoba ya kasance a misalinmu: faktir 310 aka rubuta, 22 aka soke, kusan kashi 7 kenan alhali buri kashi 6 ne, a ido ya faɗi. Amma da aka buɗe rajista sai aka ga sati na biyu darakta ya yi tafiya Yamai takardar farashi ba ta zo ba sai Laraba, kuma 7 daga cikin 22 ɗin na Litinin da Talatar nan ne. An cire su saura 15, bai kai kashi 5 ba, ya cika buri har da rara. Sai aka ƙara gyara a tsarin cewa in darakta ba ya gari mai lissafi ne zai sa hannu a takardar farashi. Lissafin kes kuma makara ta sauko daga kwana 10 zuwa 5.

Duk zama a rubuta rabin shafi: rana, adadin da aka samu, abin da kowa ya ce, abin da za a yi kafin zama na gaba, su biyun su sa hannu kowa ya riƙe kofi. In shef ya ɗage zama sau ɗaya a sa sabuwar rana cikin satin, in ya zama ɗabi'a to tsarin ya mutu a hannunshi, ba zai zo ranar ƙarshe ya ce yaro ya kasa ba.

Za a iya rage mashi albashi har sai ya gyara?

A'a. Dokar aiki ta hana mai gida cin ma'aikaci tara, kuma albashin da ke cikin kwantaragi ba a taɓa shi da ra'ayin ɓangare ɗaya. Cewa duk faktir da ka ɓata za a cire maka jika ɗaya, wannan tara ce ko da wane suna aka kira ta, kuma abin da take haifarwa shi ne a fara ɓoye kuskure maimakon a kawo shi a gyara.

In ya kusa amma bai kai daidai ba fa?

Haka ma ya faru a misalin. Oktoba faktir 290, an soke 11, ƙasa da kashi 4, ya cika. Nuwamba faktir 300, an soke 10, buri kuwa 9. Faktir guda ɗaya tak. Wanda zai kori mutum kan wannan dama can korar yake so. Mutum ya taso daga 24 a wata ya dawo 10, makarar kes ta koma kwana 2, ni da ni ne rufe tsarin zan yi in ba shi takarda cewa ya kammala, in ci gaba da takardar farashi da mutum na biyu ranar kasuwa tunda an ga amfaninsu ga kowa. Wani zai fi so ya ƙara wata guda ya tabbatar, shi ma ba laifi in an rubuta sabuwar ranar ƙarshe kuma sau ɗaya ne. Abin da ba kyau shi ne a yi ta ƙarawa wata bayan wata mutum na zaune cikin fargaba, ko ya cika a ƙi gaya mashi ya cika.

In kuma an yi komai, taimako ya zo kan lokaci, adadin bai motsa ba?

Yana faruwa, kuma ba a ɓoye shi tun ranar farko, takardar ta faɗi abin da zai iya biyowa baya. Kafin a yi maganar sallama a duba ko akwai wani gurbi da ya fi dacewa da shi, wani lissafi ne ba nashi ba amma ka sa shi kula da lodi ko hulɗa da kiliya ka ga aiki, sai dai canjin da ya taɓa albashi ko matsayi sai da yardarshi a rubuce.

In sallamar ce ta rage, tsarin gyaran aiki ba ya maye gurbin doka. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ce mai kwantaragi marar wa'adi ba a sallamar shi sai da dalili karɓaɓɓe, kuma in dalilin ya shafi iya aikinshi ko halinshi sai an ba shi dama ya kare kanshi kafin a yanke. Sallamar a rubuce take da dalilinta, da wa'adin sanarwa ko kuɗinshi, da kuɗin konjen da bai ci ba, da kuɗin sallama in ya cika shekarun da ake bukata, da takardar shaidar aiki. Kasawa a aiki ba babban laifi ba ne da zai sa a hana shi waɗannan. Mai kwantaragi mai wa'adi kuma ba a yanke mashi kafin lokaci don kawai aikinshi ya yi rauni, wakilin ma'aikata kuwa sai da izinin sufeton aiki. In ma'aikaci bai yarda ba zai kai ƙara wurin sufeton aiki a yi sulhu, in bai yiwu ba a wuce kotun aiki, a can ne rabin shafin nan na kowane zama ke amfani ga duk wanda ya riƙe gaskiya, ko mai gida ko ma'aikaci. Ma'aikatan gwamnati su dokarsu daban ce, wannan bayanin na masu zaman kansu ne. Ni shawarata a je wurin sufeton aiki na jiha a yi tambaya tun kafin a rubuta takardar sallama, ba bayan rigima ta tashi ba.

Yaron ɗan ƙanwar Alhaji mai kamfanin ne, ko babban mutum ne ya kawo shi, yaya zan yi?

Wannan a Tawa kullum ne. A nan ma adadi ne ke ceton shef, don in ka je ka ce wa Alhaji ɗanka ba ya aiki ka shiga tsakanin dangi, amma in ka ajiye mashi 72 cikin 900 da abin da kamfani zai yi don ya taimaka, magana ta koma kan faktir. A sanar da Alhaji tun kafin a fara, ya yarda da ranakun da abin da zai biyo baya, don kar ranar zama na biyu a ji waya daga gida an ce a bar yaro. Kuma ma'aunin da aka sa mashi shi za a sa wa wanda ba shi da kowa, sauran ma'aikata suna kallo.

Ta yaya zan gane tarko aka ɗana mani ba gyara ake so ba?

Alamun ba su ɓuya. Burin da ba wanda ya taɓa kaiwa a kamfanin, ko wa'adin sati biyu, ko sashen taimako fanko sai kalmomi masu daɗi, ko ka cika adadi a zo da sabon zargi da ba ya cikin takarda, ko ka ji an riga an fara neman wanda zai gaje ka. In ka ga biyu daga cikin nan kar ka ajiye aiki da fushi, wanda ya yi murabus da kanshi yakan rasa kuɗin sallama. Ka ci gaba da zuwa kan lokaci, ka rubuta wa shef takarda cikin ladabi kana neman a nuna maka inda aka samo adadin da ranar da taimakon zai zo, ka riƙe kofi mai hatimin karɓa, sannan ka kai wa wakilin ma'aikata ko sufeton aiki tun tsarin yana tafiya.